Yadda ake sa dushet kusa da masai na zama, ba tare da tiyo ya fashe da dare ba

Aikin da ya fi yawan tashina da asuba a Yamai ba babba ba ne. Tiyo ne da tsawonsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba, wanda ke rataye kusa da masai, da ɗan kai mai kunama da ake latsawa ruwa ya feso. Mu masu aikin pampo dushet muke ce masa, wasu kuma su ce butar zamani. Sa shi ba ya cin sa'a biyu. Amma a cikin gidajen da aka kira ni ruwa ya malale ɗaki, da wuya in tarar laifin na mai ɗaurawa ne kawai. Yawanci an ɗaura shi tsaf, sai dai an bar tiyon yana riƙe da ƙarfin ruwan gari dare da rana, abin da ba a yi shi dominsa ba. Wanda ya kamata ya riƙe wannan ƙarfi shi ne ɗan robinen da ke jikin bango, robinen kwana, wanda ruwa ke shiga ta bayansa ya fita ta gefe.

Zan bi aikin ne ta wani gida da na yi wa. Wata Hajiya ce, gwiwa ta fara damunta, ƴaƴanta suka canja mata masai na tsuguno zuwa na zama. Sai buta ta zama matsala: a kan kujerar babu wurin karkata ta, ga sunkuyawa a ɗauko ta daga ƙasa. Babban ɗanta ya kira ni, har ya riga ya sayo dushet a kwali, ya ce in zo in ɗaura kafin Azahar.

Na ce masa, "Alhaji, yau awo kawai zan yi. Gobe in Allah ya kai mu a ɗaura."

Bai ji daɗi ba, amma ya bar ni.

Awon ƙarfin ruwa

Ana auna ƙarfin ruwa da bar. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce tsayi: bar ɗaya daidai yake da nauyin ruwan da ya sauko daga kusan mita 10 a sama. Shato, wato babban tankin ruwan gari, in ruwansa yana mita 30 sama da pamponka, zai ba ka bar 3 in babu kowa da ke ɗiba. Shi ya sa gidan da ke gangare ya fi na kan tudu samun ƙarfi, ko da layi ɗaya suke sha.

Ƙarfin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ruwan Yamai daga kogi yake fitowa, a tace shi a Gudel da Yantala, a turo shi cikin gari. Da rana kowa yana ɗiba, masu wanki, masu garuwa, masu ban ruwan fulawa, sai ƙarfin ya faɗi. Da an yi barci an rufe pampuna, sai ya hau. Wanda ya buɗe pampo da tsakar rana ya ga yana zuba a hankali, ya ce "ai ruwanmu ba ƙarfi", bai ga abin da tiyon ke sha da ƙarfe uku na dare ba.

Abin awon agogo ne ɗan ƙarami, mano muke ce masa, ana ɗaura shi a bakin pampon tsakar gida. A rufe duk sauran pampunan gidan, a buɗe wannan kaɗai, a karanta allura. Akwai mai allura biyu, baƙa da ja: baƙar tana hawa tana sauka, jar kuwa tana tsayawa a wuri mafi nisa da ƙarfin ya kai. Irinsa nake bari ya kwana. A gidan Hajiya, da ƙarfe ɗaya na rana baƙar allura tana kan bar 1.8. Da na dawo da safe, jar tana kan 5.5.

Sai na juya kwalin da Alhaji ya sayo. A jikin yawancin kwalayen nan akwai iyakar ƙarfin da abin ke ɗauka, kuma wannan rubutu shi ne hukunci, ba maganar mai kanti ba. Wani kwalin da bar yake rubutawa, wani da MPa. Lissafin ba wuya: 0.1 MPa shi ne bar 1, don haka 0.5 MPa bar 5 ke nan. Na Alhaji bar 5 aka rubuta. Ruwan gidan da dare ya riga ya zarce shi.

Ni a aikina, tsakanin bar 1.5 da 3 nake so dushet ya zauna. Ƙasa da bar 1 feshin yana yin sanyi, ya zama kamar yoyo. Sama da 3 yana fara zafi a jiki, yana fantsama a bango da tufafi. In ya haura 5, to tiyo da kan dushet suna cikin wahala ko ba a taɓa su ba. Ga kuma wani abu da agogo ba ya nunawa sosai: duk lokacin da ka saki kunamar, ruwan da ke gudu yana tsayawa farat ɗaya, ya doki cikin tiyo. Wannan bugun yana wuce ƙarfin da aka auna. Haka in an ɗauke ruwa ya dawo, iska ce ke fara zuwa tana tari a pampo, ruwa ya biyo ta da duka.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, har da wasu masu sana'ar. Sai su ce ai ba komai, a buɗe robinen rabi, ƙarfin zai ragu. Buɗe robine rabi yana rage yawan ruwan da ke wucewa ne lokacin da ake fesawa. Da ka saki kunama, ruwan zai ci gaba da silalowa ta wannan ɗan hanyar har sai cikin tiyon ya cika ya yi daidai da na gari. In na gari bar 5.5 ne, cikin daƙiƙa kaɗan tiyonka ma yana kan 5.5. Alamar ita ce da ka latsa, sai ya fara da tsartuwa mai ƙarfi sannan ya lafa. Wannan tsartuwar ta farko ita ce ainihin ƙarfin da tiyon ke kwana da shi.

Abu biyu ne kawai ke sauke wa tiyo wannan kaya. Na ɗaya, rufe robinen gaba ɗaya bayan an gama. Na biyu, redikter, wato abin rage ƙarfin ruwa, da ake sawa a babban tiyon gida bayan kwantar ruwa, wato mitar da ke ƙirga ruwan da gida ya sha. Yawancinsu suna zuwa a saite kan bar 3, kuma suna riƙe hakan ko ruwa na gudu ko ba ya gudu. A jikinsa akwai kibiya da ke nuna inda ruwa ya nufa, in aka juya shi ba zai yi aiki ba. A gidan Hajiya na ce a sa shi, domin ba dushet kaɗai zai ceta ba, har da ƙwallon da ke ta tsiyaya cikin shas, tankin da ke kora masai, da pampon kicin. In awon dare bai wuce bar 3 ko 3.5 ba, kada ka ɓata kuɗinka a kansa.

Sayayya a Katako

Kafin ka hau babur zuwa kasuwar Katako, tsuguna bayan masai ka duba abin da ke nan. Za ka ga robine ɗaya a bango, da gajeren tiyo da ya tafi ƙarƙashin shas. Ɗauki hotonsa da waya. In da hali ma, rufe ruwa ka kwance gajeren tiyon ka tafi da shi a aljihu, domin maganar girman haƙori ita ce ke sa mutum zuwa kasuwa sau uku.

Girma biyu ne za ka gamu da su. Akwai 15/21, wanda shi ne rabin inci, da 12/17, wanda ya fi shi ƙanƙanta. Bakin da ke cikin bango kusan kullum 15/21 ne. Tiyon dushet ma 15/21 ne a kawunansa biyu. Shas ne mai rikici: kayan da suka bi tsarin Faransa sukan zo da 12/17, wasu da ake shigo da su daga wasu ƙasashe kuma 15/21. Da ido suna kama, a hannu ba sa shiga juna. Na Hajiya 12/17 ne.

Yanzu ta ina dushet zai sami ruwa? Mafi arha shi ne a sa mahaɗa mai baki uku bayan tsohon robinen, baki ɗaya ya tafi shas, ɗaya ya tafi dushet. Ba na yin haka. Dalili kuwa, robine ɗaya ke nan yake riƙe da su biyun. Ka rufe don dushet ya huta, shas ba zai cika ba, wanda ya shigo bayanka ya ja ya ji wayam. Kwana biyu za a yi a daina rufewa. Abin da nake saye shi ne robinen kwana mai baki biyu da hannu biyu, kowane baki da nasa hannun. Na shas ya zauna a buɗe, na dushet a riƙa buɗewa ana rufewa. A zaɓi wanda rubu'in juyi ke rufe shi, ba mai murɗawa sau biyar ba, domin tsohuwa mai ciwon hannu ba za ta tsaya murɗe-murɗe ba, kuma daga bakin ƙofa ana ganin ko a buɗe yake ko a rufe.

Ɗaga robinen ka ji nauyinsa. Na tagulla yana da nauyi, in ka leƙa cikin haƙorin za ka ga rawaya. Akwai wani mai sheƙi kamar madubi, mara nauyi, cikinsa toka-toka, zamak ake ce wa ƙarfen. Shi ne ke karyewa a daidai wuya ya bar haƙorinsa cikin bango, ranar kuwa sai an fasa karo, wato tayil ɗin bango. In za ka yi tsimi, yi shi a kan dushet ɗin, kada ka yi a robine.

Tiyon kuma, ƙarfen da kake gani a waje riga ce kawai. Mai riƙe ruwan siririyar roba ce a ciki. Akwai mai roba zalla, akwai wanda aka saƙa wa zare a jikin robar, shi ya fi jurewa. Lanƙwasa shi a hannu, ka ja kawunan biyu ka ji ko suna motsi, domin a wurin matsewar nan yake yawan ɓallewa. Mita 1.2 ya isa yawancin bayi. Dogo ba alheri ba ne, zan faɗi dalili a gaba.

Sauran ƙananan kaya: tefulan, farin tef da ake naɗa wa haƙori don hana yoyo, naɗi biyu, juwan, wato zoben roba mai tare ruwa a mahaɗa, 15/21 guda huɗu ko biyar don na cikin kwali sukan zama sirara, kilafe ɗaya 15/21 mai hana ruwa komawa baya, shebi, wato robar da ake cusawa a ramin bango ta riƙe ƙusa, da kusoshi na milimita 6. In bakin bangon ya nutse a bayan karo, ƙara da ɗan tsawo na tagulla, namiji da mace, na santimita ɗaya ko biyu.

Ɗaurin robine

Rufe ruwa daga kwantar. In gidan yana da tanki a sama, rufe nasa robinen ma, in ba haka ba za ka sha wanka. Buɗe pampon tsakar gida ruwan ciki ya tsiyaye, ja shas ya zube, ajiye bokiti da tsumma.

Kwance gajeren tiyon shas, sannan ka kama tsohon robinen da kile, wato sufana, ka juya hagu. Yi a hankali. In ya ƙi, kada ka ƙara wa kilen tsawo da bututu ka hau kai. Bakin da ke cikin bango, musamman in koren tiyon roba ne da ake haɗawa da wuta, ɗan zoben tagulla ne aka dasa cikin roba, yana iya juyawa tare da robinen, ya fara yoyo a cikin bango inda ba mai gani sai fenti ya kumbura a ɗakin da ke baya. Ɗan matsa shi dama kaɗan tukuna, sannan ka dawo hagu. Sau da yawa wannan ke sa ya saki.

Da ya fita, share tsohon tefulan da tsatsa daga cikin haƙorin da tsohon buroshin haƙori. Sannan ka gwada sabon robinen haka nan ba tefulan, kana ƙirga juyi nawa ya shiga, kana duba inda bakunansa suka fuskanta. Ana so aƙalla juyi huɗu ko biyar su kama. In biyu kawai ya kama saboda kaurin karo, wurin ɗan tsawon nan ke nan.

Naɗin tefulan yana da hannu. Riƙe robinen haƙorin yana kallonka, ka naɗa yadda hannun agogo ke tafiya, kana ɗan ja don ya shiga ramukan. In ka naɗa ta ɗaya hannun, yana shiga bango yana warwarewa. Bar haƙori na farko a buɗe, don kada guntun tefulan ya yanke ya bi ruwa ya toshe dushet. Siririn tefulan ɗin da ya cika kasuwa yana son naɗi goma sha biyu zuwa sha biyar, mai kauri shida zuwa takwas ya isa. Kada ka manta da zura farantin da ke rufe ramin karo kafin ka ɗaura, ni kaina na sha kwancewa saboda shi.

Ɗaura da hannu har ya yi tauri, sannan kile, da tsumma a tsakani don kada ya kankare sheƙin. Juyi ɗaya ko biyu. Ga inda ake kuskure: ka matsa, bakin ya wuce inda kake so, sai ka ɗan dawo da shi baya. Tefulan ba ya yafe wannan. Da an dawo da shi baya ya saki, zai riƙa gumi. In ka wuce, kwance gaba ɗaya, cire tefulan, sake naɗawa ka ƙara biyu ko uku, ka tsaya daidai wannan karon. Bakin dushet ya kalli ƙasa ko gefen da za a rataye shi, don tiyon ya sauka a sake ba tare da karyewa a wuya ba.

Kafin ka haɗa komai, rufe hannayen biyu, je ka buɗe ruwa, dawo ka tara bokiti ka buɗe kowane baki na ɗan lokaci. A gidan Hajiya abin da ya fito a farko jan ruwa ne da yashi da ɓarɓashin tsatsa, har ya kwanta a gindin bokiti. Da a cikin dushet ya shiga, da tun ranar farko zai fara ɗiga, domin tsakuwa ɗaya ƙarama ta isa ta hana bakin cikinsa rufewa.

Tunda bokitin yana hannu, na yi wa Alhaji wani lissafi. Bokitin lita 10 ya cika cikin daƙiƙa 50, wato lita 12 a minti, lita 720 a sa'a. In tiyo ya fashe da sha biyun dare ba a farga ba sai shida na safe, lita 4,320 ke nan, fiye da tano 21 na lita 200, kuma wannan da ƙarfin rana na auna. Ya dubi kafet ɗin ɗakin Hajiya da ke dab da ƙofar bayin, bai sake maganar kuɗin redikter ba.

Tiyo da marataya

Mayar da tiyon shas a bakinsa. A bakin dushet, fara ɗaura kilafe, kibiyarsa tana kallon inda ruwa zai tafi, sannan tiyo. Kawunan tiyon ba iri ɗaya ba ne. Mai kusurwa shida, wanda kile ke kamawa, shi ne na robine. Mai santsi da ya yi kamar mazurari shi ne na kan dushet, don shi ke zama cikin marataya.

Waɗannan mahaɗan ba sa son tefulan ko kaɗan. Juwan ɗin roba da ke ciki shi ke tare ruwa. In ka naɗa tefulan, zai hana kan tiyon isa ya danne juwan, sai ka ga yana yoyo kana ƙara matsawa. Duba juwan ya zauna sosai, ɗaura da hannu, ka ƙara rubu'in juyi da kile a wajen robine. A wajen kan dushet hannu kaɗai, domin haƙorinsa yawanci roba ne da aka yi wa fentin ƙarfe. In ɗaya daga cikin juwan ɗin yana da ɗan raga, shi ne mai tace datti, sa shi ta wajen robine.

Wane gefe za a rataye? Zauna a kan masai ka gwada. Da hagu ake tsarki, dama ke riƙe da ruwa, kamar dai buta, don haka marataya tana dama ga wanda ke zaune. Na roƙi Hajiya ta zauna bisa murfin, ta miƙa hannu inda ya fi mata sauƙi, na yi alama da fensir. Ya faɗo santimita 70 daga ƙasa, ɗan gaba da kafaɗarta. Tsakanin 60 da 75 yawanci yake faɗowa. In robinen yana hagu ne, a zagayo da tiyon ta bayan masai, ko a ja ɗan layi zuwa dama.

Wajen huda, kauce wa layin da ke sama ko ƙasa da robine kai tsaye, da wanda ke daidai tsayinsa a kwance, nan tiyon cikin bango ya fi bi. Manna salatif a kan karo don bakin injin kada ya zame. Fara hudawa ba tare da duka ba har sai ka ratsa karon, sannan ka kunna dukan a cikin bulo. Wanda ya fara da duka zai tsaga karo.

Yanzu dalilin kilafe da gajeren tiyo. Mun san yadda ake ɗauke ruwa a unguwanni da dama lokacin zafi, a watan Afrilu da Mayu. In ruwa ya janye daga babban layi, yakan zuƙo abin da ke cikin tiyon gidaje, shi ya sa kake jin pampo yana shan iska in ka buɗe. To a ce yaro ya bar kan dushet a cikin masai ko cikin bokitin wanki, kunamar ta maƙale a buɗe. Wannan ruwan zai iya komawa cikin tiyon da ake sha. Kilafe yana tarewa, amma shi ma ɗan yashi na iya hana shi rufewa, don haka ba a dogara da shi kaɗai. A ƙa'idar ƙasashen Turai ma ba a ɗaukar kilafe shi kaɗai a matsayin isasshen kariya daga ruwan masai. Abin da ya fi tabbas shi ne tiyon ya zama bai kai ruwan cikin masai ba in an sake shi, kuma a mayar da kan marataya kullum.

Gwaji

Goge duk mahaɗan su bushe. Buɗe hannun dushet a hankali, riƙe kan cikin masai ka latsa har iska ta gama fita. Saki, ka ɗauko takardar goge hannu busasshiya ka bi kowace mahaɗa. Yatsa yana ruɗi, takarda ba ta ɓoye ɗigo. Jira minti goma ka sake bi. Daga nan je wurin kwantar, duk pampuna a rufe, ka dubi ɗan tauraron da ke juyawa a fuskarta. In yana motsi, akwai inda ruwa ke fita.

Inda jiƙar ta fito shi ke gaya maka laifin. In daga bayan farantin bango ne, tefulan ne, sai an kwance an sake. In daga kan tiyo ne, juwan ya karkace ko ya tsage. In daga ramukan feshi yake ɗiga bayan an saki, ɗigo biyu uku ba komai, ragowar ruwa ne, amma in bai tsaya ba, datti ya shiga ko ƙarfin ya fi ƙarfinsa. In ruwa yana fitowa ta tsakanin zoben rigar ƙarfen, robar ciki ta huje, ba a gyara ta, a canja tiyon a ranar. Tiyon da ya sandare ya miƙe da kansa da an buɗe robine yana gaya maka ƙarfin ya yi yawa.

Masu tanki a kan rufi matsalarsu ta juye ce. In saman ruwan tankin yana mita 4 sama da dushet, bar 0.4 kawai kake da shi. Ba redikter a nan, kuma kilafe mai taurin waya zai ƙara cinye ɗan abin da ke akwai, sai a nemi mai laushi. Nemi kai mai manyan ramuka, ko a ɗaga tankin, ko a sa ɗan injin ƙara ƙarfi. Mai irin wannan injin kuma, in ya ji yana tashi da kansa cikin dare ba wanda ya buɗe pampo, ya fara duba dushet.

Wani abu na garinmu da ba a rubuta a kwali ba: tiyon da ya bi ta rana ko ta kan rufi, da azahar ɗin bazara ruwan cikinsa yana iya ƙona fata. A fesa a bayan hannu tukuna, a bar na farkon ya wuce cikin masai.

Da na gama saita redikter, na sake barin agogon ya kwana, jar allura ta tsaya kan bar 3. Duk da haka na nuna wa Hajiya yadda za ta yi in ta gama: ta juya hannun robinen ya rufe, sannan ta latsa kunamar sau ɗaya cikin masai, ragowar ƙarfin ya fita, tiyon ya yi laushi, ta rataye. Ta gwada sau biyu, ta ce, "Ɗan nan, hannun nan ya yi mini ƙasa, sai na sunkuya." Gaskiyarta, robinen yana santimita 20 ne daga ƙasa, a bayan masai, kuma sunkuyon ne aka kira ni in raba ta da shi. Sai na ja ɗan layi a saman karo daga bakin zuwa gefen dama, na sa wani robinen mai rubu'in juyi dab da marataya, inda hannunta ke kaiwa tana zaune, na mayar da kilafe da tiyon can.